Me Ƙamus Yake Nufi Idan Ya Yi wa Kalma Alama?

Tambaya: Malam, ni malamar Turanci ce a wata makarantar sakandare ta 'yan mata. Wata ɗalibata ta yi rubutu a kan wariyar launin fata, ta kira baƙaƙen Amurka *coloured people*. Da na duba ƙamus sai na ga an rubuta *old-fashioned* da *offensive* a gefen kalmar. Yarinyar ta rantse ba zagi take nufi ba, a wani tsohon littafin babanta ta gani. Daga nan na lura ana sa wa kalmomi wasu alamomin, kamar *vulgar* da *derogatory* da *informal* da *dated*. Mene ne bambancinsu? Wa yake yanke wannan hukunci? In kuma kalma ba ta da kyau, me ya sa ake sa ta a ƙamus tun farko? Daga wata mai karatu, Gusau.

Amsa: Ɗalibarki ta yi gaskiya, ƙamus ma ya yi gaskiya, kuma yadda za a yi duka biyun su zama gaskiya shi ne kusan dukan amsar tambayarki.

Mutane da yawa suna ɗaukar waɗannan alamomi kamar matakala, wai *informal* laifi ne kaɗan, *vulgar* ya ɗara shi, *offensive* ya fi duka. Ba haka aka tsara su ba. Kowace alama tambayarta daban take amsawa. Wata tana duba abin da kalmar take magana a kai, wata tana duba zuciyar mai magana, wata kunnen mai sauraro, wata wurin da ake maganar, wata kuma zamani. Shi ya sa za ki ga kalma ɗaya da alama biyu ko uku a jere, kamar yadda kika gani a gefen kalmar da yarinyar ta rubuta.

Bari mu fara da biyun da suka fi rikita mutane, domin a nan matsalar ɗalibarki take. Idan ƙamusoshin Oxford suka sa wa kalma *derogatory*, abin da suke faɗa shi ne mai magana da gangan yake ƙasƙantar da wanda yake magana a kansa. Rainin yana cikin kalmar, kuma domin rainin aka zaɓe ta. Wanda ya kira yaro *brat* ya san da kalmar *child*, ya tsallake ta saboda yana so a ji cewa yaron sangartacce ne. Ƙamusoshin Merriam-Webster na Amurka *disparaging* suke rubutawa a wannan wuri, shi kuwa ƙamusun ɗalibai da aka fi gani a makarantunmu, *Oxford Advanced Learner's Dictionary*, yakan rubuta *disapproving* idan kalma tana ɗauke da kushe. Sunayen sun bambanta, amma duk niyyar mai magana suke nunawa.

Ita kuwa *offensive* babu ruwanta da niyya. Cewa take yi akwai mutanen da za su ji zafi idan sun ji kalmar, ko mai faɗarta ya yi nufin haka ko bai yi ba. Yawanci kalmomi ne da suka shafi launin fata, ko ƙabila, ko addini, ko wata lalura ta jiki. A watan Janairun 2015 ɗan wasan fim na Ingila Benedict Cumberbatch yana hira a wani gidan talabijin na Amurka, yana kokawa da yadda baƙaƙen 'yan wasa ba sa samun dama a ƙasarsa. Wato goyon bayansu yake yi. Amma sai ya kira su *coloured*, kuma bai tsira ba sai da ya fito ya ba da haƙuri. Babu wanda ya ce raini ya yi nufi. Kalmar ce take da tarihi: ita ake rubutawa a jikin famfon shan ruwa da ɗakin jiran mota a kudancin Amurka zamanin da doka ta raba fari da baƙi, kuma jikokin waɗanda aka yi wa haka suna nan da ransu. Ɗalibarki a irin ramin da ya faɗa ta faɗa.

Mu Hausawa bai kamata wannan bambanci ya ba mu wuya ba, domin muna dandana shi ta ɓangarorin biyu. Ki ɗauki kalmar aboki. A bakinmu babu kalmar da ta fi ta daɗi. Amma ɗan Arewa da ya zauna a Legas ya san akwai wata irin murya da ake kiran "aboki" da ita, wadda ma'anarta ba ta wuce baƙauye mara wayo ba. Wanda ya faɗe ta haka raini ya nufa, wannan ita ce alamar farko. Sai kuma ki ɗauki dattijon da ya saba cewa Inyamuri, ko ya kira mai lalurar ƙafa gurgu a gaban idonsa. Wataƙila tun tasowarsa sunan da ya sani ke nan, zuciyarsa fes. Duk da haka wanda aka kira yana iya jin ciwo, kuma ciwon na gaske ne. Wannan ita ce alama ta biyu. Da yawa daga cikin munanan kalmomi suna ɗauke da duka biyun, amma ba dole ba ne, kuma wadda take *offensive* kawai ita ta fi kama mai koyon harshe, domin babu abin da zai ji a cikinta da zai sa ya yi hattara.

Akwai wata kalma da nake so kowane Bahaushe mai shirin zuwa Afirka ta Kudu ya sani, ita ce *kaffir*. Asalinta Larabci ne, tushensu ɗaya da kalmar da muke da ita a Hausa, don haka mutum zai ɗauka batun addini take yi. A can ba haka ba ne. Turawan mulkin wariya sun mayar da ita zagin baƙar fata, Musulmi ne ko Kirista, har ta zama mafi munin zagi a ƙasar. A 2018 wata kotu a can ta yanke wa wata farar mata hukuncin ɗauri saboda ta yi ta jifan 'yan sanda baƙaƙe da ita. Asalin kalma ba ya gaya miki nauyinta a yau, kuma wannan shi ne aikin da alamar take yi.

*Vulgar* wata hanya ta kama daban. Ita ba ta magana a kan wanda aka zaga, tana magana ne a kan abin da aka ambata da yadda aka ambace shi tsirara. Kusan duk kalmomin da ke ɗauke da ita sun shafi al'aura, ko saduwa, ko abin da ke fita daga jiki. Mu za mu ce batsa ko ashar. A Turanci likita zai ce *urinate*, uwa za ta ce wa ɗanta *pee*, sai kuma *piss*, wadda Oxford ke sa wa *vulgar slang*. Aikin ɗaya ne, babu wanda aka ci wa mutunci, amma ta ukun ba a faɗarta a gaban surukai. Haka mu ma muke da kama ruwa da zagayawa da bayan gida, domin kada a kira abin da sunansa. Wasu bugu na ƙamusun ɗalibai *taboo* suke rubutawa, wasu ma da alamar motsin rai a gefe, Merriam-Webster kuma yana da *obscene* ga waɗanda suka fi muni. Wani abin lura shi ne ita kanta *piss* tana cikin fassarar Baibul ta Sarki James ta 1611, ana karanta ta a coci ba tare da kowa ya ɗaga gira ba. Kunyar daga baya ta same ta.

Idan kika ci karo da tsohon ƙamus, ki yi hankali da wannan alama. A da *vulgar* tana nufin maganar talakawa ne kawai, daga kalmar Latin mai nufin gama-garin mutane. Tsofaffin marubuta ƙamus sukan sa ta a kan kalmar da babu batsa ko kaɗan a cikinta, laifinta kawai a kasuwa ake jin ta. Samuel Johnson, wanda ƙamusunsa ya fito a 1755, yakan rubuta *a low word* a gefen kalmar da yake ganin ba ta dace da mai ilimi ba. Wannan hukuncin aji ne, na masu hali a kan marasa hali, kuma ƙamusoshin yau sun yi ƙoƙarin rabuwa da shi.

Wannan ya kawo mu ga *informal*, alamar da aka fi zalunta a azuzuwanmu. Malamai da yawa da sun gan ta sai su ja jan biro, su ce ba Turanci ba ne. Turanci ne tsantsa, kuma daidai ne. Abin da alamar take faɗa shi ne kalmar ta hira ce, ta gida da abokai da saƙon waya, ba ta takardar neman aiki ba. *Kids* da *mum* suna ɗauke da ita, kuma babu Baturen da zai yini bai faɗe su ba. Idan ɗalibarki tana rubuta wa ƙawarta wasiƙa a jarrabawar kammala sakandare, *kids* ta zauna daidai, har ma ta fi *offspring* dacewa nesa ba kusa ba. Idan wasiƙar ta shugaban ƙaramar hukuma ce, sai ta koma *children*. Kuskuren yana iya zuwa ta ɗaya gefen ma, domin akwai alamar *formal*, kuma yaron da ya cika wasiƙar abokinsa da manyan kalmomin ofis shi ma bai iya ba. Ina ganin wannan ya fi yawa a wurin yaranmu, saboda an koya musu cewa doguwar kalma ita ce ilimi.

Rashin fahimtar wannan alama ba a kanmu aka fara ba. A da *colloquial* ake rubutawa, sai masu karatu a Amurka suka riƙa ɗaukarta da ma'anar kuskure. Da Philip Gove ya fitar da babban ƙamusun Webster na uku a 1961, sai ya cire alamar gaba ɗaya, ya kuma rage sauran. Jaridu suka yi masa ca, suna cewa ya buɗe ƙofa kowane shirme ya shigo. Rigimar ce ta haifar da *American Heritage Dictionary* a 1969, wanda ya kafa kwamitin marubuta da masana ana tambayarsu ra'ayinsu a kan kalmomin da ake gardama a kai. A nawa ganin Gove ya gano cutar amma bai ba da maganin da ya dace ba. Mai koyon harshe yana bukatar a gaya masa inda kalma take zama, kuma idan mutane ba su gane alama ba, bayani ya kamata a ƙara musu.

*Slang* ta ɗan wuce *informal*. Ita ce abin da muke kira sara, maganar wani rukuni, samari ko sojoji ko 'yan makaranta, wadda takan yi tashe ta wuce.

Saura alamomin zamani, kuma su ma hawa-hawa ne. *Dated*, wadda ƙamusun ɗalibai ke kira *old-fashioned*, tana nufin kalmar tana nan da sauran numfashi, ana gane ta, amma a bakin tsofaffi aka fi jin ta. Baturen da ya ce *wireless* yana nufin rediyo ya gaya miki shekarunsa. *Archaic*, ko *old use*, ta fi nisa: kalmar ta fita daga maganar yau da kullum, sai a tsofaffin littattafai ko addu'o'in coci, kamar *thou*. *Obsolete* kuwa ta mutu, kuma Merriam-Webster yana da ma'auni a kan haka: ba ya sa wannan alama sai in babu shaidar an yi amfani da kalmar tun daga 1755. Akwai ta huɗu da ake yawan haɗa ta da waɗannan, wato *historical*. A nan kalmar lafiyarta ƙalau, abin da take nufi ne ya shuɗe. Sule da sisi da taro irin wannan ne a Hausa. Tun da naira ta shigo a 1973 ba a kashe su, amma duk mai ba da labarin kasuwancin wancan zamani da su zai yi magana, ba shi da wasu.

Yanzu ki sake duba abin da kika gani a gefen *coloured*. Alamar zamani da alamar zafi sun zo tare, kuma wannan haɗin yana da labari iri ɗaya kusan ko'ina kika gan shi: kalmar ta taɓa zama ta mutunci. Babbar ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen Amurka, NAACP, da aka kafa a 1909, da wannan kalma ta raɗa wa kanta suna, kuma har yau tana cikin sunan. Daga baya *Negro* ta karɓe ta, ita ce Martin Luther King ya yi ta faɗa a jawabinsa na 1963 a Washington. Kafin ƙarshen shekarun 1960 ita ma ta fara ja da baya, *Black* ta shigo, sannan *African American*. Littafin baban ɗalibarki bai yi zagi ba a ranar da aka buga shi. Mutanen da ake kira da sunan ne suka ce sun ajiye shi, ƙamus kuma ya rubuta abin da ya faru. Haka *Mohammedan* take, wadda ta cika rahotannin Turawan mulki a kan ƙasar Hausa. Musulmi da yawa ba sa son a kira su haka, kuma yau ƙamus yana gargaɗi a kanta.

Ga abin da zan ba ki shawara ki yi da rubutun yarinyar. Kada ki rubuta mata cewa ta yi zagi, domin ba ta yi ba. Ki ja layi a ƙarƙashin kalmar, ki sa *Black people* ko *African Americans* a gefe, sannan ki buɗe ƙamus tare da ita ki nuna mata alamomin biyu da abin da kowace take faɗa. Ki kuma ja mata kunne a kan wani tarko: *people of colour* karɓaɓɓiya ce a yau, ko da yake kalmomin kusan ɗaya ne da waɗanda ta rubuta. Nahawu ba zai bayyana wannan ba, tarihi ne kawai. Sannan ku karanta bayanin kalmar har ƙasa, domin za ku tarar da wata ma'anar. A Afirka ta Kudu *Coloured*, da babban baƙi, sunan wata al'umma ce mai gaurayen asali, miliyoyin mutane, mafi yawansu a yankin Cape, kuma da shi ake ƙidaya su a hukumance. Da rubutunta a kan wannan al'umma yake, da kalmar ta zauna daidai.

Wannan ya nuna wata ƙa'ida da ta fi kowace amfani wajen karanta ƙamus: alama a kan ma'ana take, ba a kan kalma ba. Ki duba inda aka ajiye ta. Idan tana can sama kusa da kalmar, kafin a fara lamba 1, ta shafi dukan ma'anonin. Idan tana bayan lamba 2 ko 3, wannan ma'anar kaɗai ta shafa. *Cow* saniya ce, babu alama. Sai an gangara ƙasa, inda ake kiran mace da ita, sannan alamar ƙasƙanci take fitowa. *Native* ma haka. *Native speaker* ba ta da aibi, kuma a Turancin Nijeriya idan an ce mutum ya sa *native*, kayan gargajiya ake nufi. Amma *the natives* da Bature ɗan mulkin mallaka yake kiran kakanninmu, wadda ta ba mu En'e, ita ce ƙamus ke cewa yayinta ya wuce kuma tana ɓata rai. Na sha ganin an hana yara kalma sukutum saboda alamar da ke kan ma'anarta ta huɗu.

Ki lura kuma da ƙananan kalmomin da ke rakiyar alama: *sometimes*, *often*, *usually*. Ba ado ba ne. *Sometimes offensive* tana nufin su kansu mutanen da abin ya shafa ba su haɗu a kan ra'ayi ɗaya ba, ko kuma ya danganta da wanda ya faɗa. Mun san wannan a wasan Fulani da Barebari: abin da Bafulatani zai gaya wa Babarbare a yi dariya, idan bare ya ɗauka ya faɗa sai a yi rigima. Ƙamus ba shi da filin da zai bayyana wa ke da izini, sai ya taƙaita da kalma ɗaya. Mai koyo, wanda kusan kullum bare ne, gara ya ɗauki *sometimes* a matsayin gargaɗi cikakke.

To wa yake yanke hukuncin? Editocin ƙamus ne, amma ba daga kansu suke cirowa ba. Suna da rumbunan rubutu da na magana da aka tara a kwamfuta, daga jaridu da littattafai da hirarraki. Wanda aka tara a Birtaniya a farkon shekarun 1990 kalmomi miliyan 100 ne, na yanzu kuwa ana maganar biliyoyi. Edita zai kira kalma, ya ga ɗaruruwan jimlolin da ta fito a ciki, ya duba su wa ke faɗarta da kalmomin da take tafiya da su. Idan kusan duk misalan daga hira suke, babu ita a rahoton gwamnati, ta zama *informal*. Idan misalan suna raguwa shekara bayan shekara, ta kama hanyar *dated*. Idan jaridu suna rubuta harafin farko su cike sauran da taurari, ko ana yawan ganin ta a labarin wani ya ba da haƙuri, ko ƙungiyoyin mutanen da ake kira da ita sun ce a daina, wannan shaida ce. Misali, wata babbar ƙungiyar taimakon masu lalurar ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi a Ingila ta sauya sunanta zuwa Scope a 1994, domin kalmar *spastic* da ke cikin tsohon sunan ta zama zagi a bakin 'yan makaranta. Bayan duk wannan, mutum ne zai zauna ya zaɓi alama, shi ya sa za ki ga ƙamus biyu sun saɓa a kan kalma ɗaya. Kowane ƙamus na kirki yana da shafi a gaba ko a baya da ya bayyana abin da yake nufi da kowace alama. Shafi ɗaya ne ko biyu, kuma ya cancanci darasi guda a ajinki.

Tambayarki ta ƙarshe, me ya sa ba a cire munanan kalmomi ba, an taɓa kai ta har gaban alƙali. Wani ɗan kasuwa Bayahude a Ingila, Marcus Shloimovitz, ya kai madaba'ar Oxford ƙara saboda wata tsohuwar ma'ana ta cin mutunci da ƙamusoshinta suka rubuta a ƙarƙashin kalmar *Jew*. A 1973 kotu ta kori ƙarar, bisa cewa ba shi ne aka ambata da kansa ba. Editan wancan lokaci, Robert Burchfield, ya tsaya a kan cewa aikin ƙamus shi ne ya rubuta abin da mutane suka faɗa, ba abin da ya kamata su faɗa ba. Ina tare da shi a kan barin kalmar, kuma dalilina ɗalibanki ne. Yarinyar da ta ji kalma a fim, ta duba ba ta same ta ba, ko ta same ta babu gargaɗi, ita ce za ta je ta faɗe ta a inda za ta ji kunya. Amma masu ƙorafi ma suna da gaskiyarsu, kuma sun gyara abubuwa. A 1997 baƙaƙen Amurka suka taso wa Merriam-Webster a kan kalmar nan ta zaginsu mai farawa da harafin n, domin ƙamusun ya fara da bayyana ta kamar sunan baƙin mutum ne kawai, gargaɗin yana biye a baya. Kamfanin bai cire kalmar ba, amma ya dawo da gargaɗin gaba, ta yadda mai karatu zai fara cin karo da shi kafin ma'anar. Wurin da aka sa alama ma magana ce.

Abu biyu za su iya sa alamar ta yaudare ki. Na farko, daga Ingila ko Amurka ƙamus yake kallon duniya. Kalmar da ya ce yayinta ya wuce tana iya zama da ranta a nan: direbobinmu har gobe suna cewa *trafficator*, alhali a Ingila an daɗe da barin ta. Oxford ya fara kula da wannan, domin a Janairun 2020 babban ƙamusunsa ya shigar da kalmomi 29 na Turancin Nijeriya, cikinsu har da *okada* da *Kannywood*. Alamar *Nigerian English* da ke gefensu wuri take nunawa, kamar yadda Bargery a ƙamusunsa na Hausa na 1934 yake nuna kalmar Katsina ko ta Sakkwato. Ba kushe ba ce.

Na biyu ya fi haɗari, shi ne tsufan ƙamusun kansa. Alamar zafi ita ce ta fi saurin sauyawa, shekara ashirin ta isa kalma ta tashi daga ladabi ta koma cin fuska. Ƙananan ƙamusoshin aljihu sukan zubar da alamomi don neman wuri, wasu ƙamusoshin kyauta na waya kuma a kan Webster na 1913 aka gina su, saboda haƙƙin mallakarsa ya ƙare. Littattafan kalmomi masu ma'ana ɗaya su ma sai an yi hattara da su, domin sukan jera kalmar mutunci da ta zagi a layi ɗaya, yaro ya ɗauki wadda ta fi burge shi. Oxford da kansa sai a 2020, bayan koken dubban mutane, ya sake duba jerin da ke ƙarƙashin *woman*, ya cire wasu ya yi wa wasu alama. Gwajin ƙamus ba shi da wuya. Ki duba shekarar bugu a bayan shafin farko, sannan ki nemi *coloured* da *Mohammedan* da *cripple*. Idan kika same su babu wani gargaɗi a gefe, ƙamusun zai iya yi miki aikin duba rubutun kalma da ma'anarta, amma kada ki bar ɗalibai su dogara da shi wajen zaɓen abin da za su kira mutane.